Yadda Markus Mai Hoto Ya Koma Baya

Idan ka bi Titin Kotu a Gyadi-Gyadi ka wuce layin masu ɗinki, akwai wani shago mai ƙofar gilashi wadda ba ta rufuwa sai an tallafo ta da ƙafa. Nan ne shagon Markus Mai Hoto. Yanzu in ka leƙa, abin da za ka gani tsoho ne a karkace kan kujera, hankici a kafaɗa, fuskarsa dab da kwamfuta. Kada wannan ya ruɗe ka. An yi zamanin da masu hoto na Tarauni kaf, har da masu ƙaryar sun yi karatun abin a Legas, nan suke kawo aikin da ya gagare su, su tsaya a bayansa hannu a baya suna haɗiyar yawu.

Daga wani ƙauye na wajen Zonkwa ya zo Kano yana saurayi, a bayan wani kawunsa malamin firamare. Kawun ya so ya yi karatu, shi kuwa Markus kansa bai ɗauki boko ba, sai ya bi wani mai ɗaukar fasfo a bakin sakatariyar Tarauni. Daga fasfo ya shiga bikin suna da na aure, da ranar godiya a majami'a, da yaye ɗalibai. Ya auri Ladi, 'yar garinsu mai koyar da ɗinki, suka haifi 'ya ɗaya tal, Miriam. Ladi ta rasu yarinyar tana aji shida na firamare, Markus bai sake aure ba. Daga makaranta sai shago, nan Miriam take cin abinci, nan take aikin gida, nan ta girma a kan wani benci a gefen uban.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu, don shi ne zancen duka. A gidan Markus da ke Darmanawa akwai hotunan Miriam sun fi dubu, tun tana rarrafe har ta yi digiri, kuma babu ko ɗaya da shi yake ciki. Kullum shi ne a bayan kyamara. Da Ladi tana raye takan yi masa tsiya, ta ce in ya mutu sai dai a rataya kyamarar a madadin fuskarsa. Yakan ce a bari sai ranar auren yarinyar, ranar zai ajiye kyamara ya tsaya kusa da ita kamar kowane uba, a wanke hoton babba a rataya. Tun ana ɗaukar maganar wasa har ta zama alkawari. Bayan rasuwar Ladi ya daina faɗa, amma bai daina jira ba.

Sunansa ya fita ne lokacin da aka shiga yayin hoton da mutum yake fitowa tar, bayansa kuwa ya narke ya zama dishi-dishi. Masu hannu da shuni suna yin wannan da lens, wato gilashin gaban kyamara, mai faɗin baki, wanda in ka saita shi kan fuskar amarya duk abin da ke nesa da ita sai ya dusashe da kansa. Markus ba shi da irin wannan lens, kuma bai taɓa mallakarsa ba har yau. Nasa wanda ya zo da kyamarar ne, mai gaskiyar tsiya, yana nuna amarya, ya nuna kwatar da ke bayanta, da bangon da ba filasta, da akuyar maƙwabta tana cin leda. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya koya wa kansa yin ƙarya, kuma ya iya ta fiye da kowa a unguwar.

Ga yadda yake yi. Da farko zai yanke mutumin daga hoton, gashi bayan gashi, zaren gyale bayan zare, ya ajiye shi a leya ta daban, wato shafin da ake ɗorawa a kan hoton. Sai ya cike ramin da mutumin ya bari da bangon da ke kewaye, don in aka dusashe baya mutumin yana nan a ciki, launin kayansa zai yi naso ya kewaye shi kamar shuni a farin zane. Sannan ya zana abin da yake kira taswirar nisa, wato hoton nan dai amma ba launi: abin da ke kusa baƙi, abin da ke nesa fari, na tsakani toka-toka. In fili ne shimfiɗaɗɗe, giradiyen ɗaya ya isa, ya ja shi daga ƙafar mutumin zuwa sama, baƙi yana komawa fari a hankali. In akwai mota ko ginshiƙi ko wani mutum a tsakani, kowanne sai ya shafa masa tokar da ta dace da inda ƙafarsa ta taka. Sai ya ba kwamfuta taswirar, ta dusashe kowane wuri gwargwadon farinsa, irin dusashewar lens wadda ke mai da ƙwan fitila ƙwallo mai zagaye, ba irin ta ragwaye wadda ke shafe komai kamar an goga rigar tsumma ba. A ƙarshe ya mayar wa bayan da ɗan yashi-yashin da dusashewar ta share, don kada ya fi fuskar santsi. Hoto ɗaya yakan ci masa awa biyu, kuma ba a taɓa kama shi ba.

To, amma kada a ɗauka waliyyi nake ba da labarinsa. Markus mutum ne mai baƙin rai a kan aiki, kuma Miriam ce ta sha shi. Yana da wata rula ta katako a gefen kibod. In ta bar naso a gefen mayafin amarya, rula a bayan hannu. In ta dusashe ƙasar da mutum yake tsaye a kai har ya zama kamar yana shawagi, rula. Ba ya yabo. Iyakar abin da zai yi in aiki ya yi kyau shi ne ya ce ta rufe ta buɗe na gaba. Tana 'yar shekara goma sha shida ta fi rabin masu shagunan Zoo Road iyawa, kuma ba ta taɓa jin haka daga bakinsa ba.

Sannan ba kwata da akuya kaɗai yake narkarwa ba. Wata rana wani Alhaji Bello daga Babban Giji ya kawo hoton buɗe sabon gidansa, ya nuna wani dattijo mai yagaggiyar hula da ke tsaye can bayan baƙi, ya ce yayansa ne daga ƙauye, a yi masa dabara. Markus ya yi dariya har da buga tebur. Ya kira Miriam ya ce ta zo ta ga aiki mai sauƙi, mutumin da ma yana nesa, ƙara masa fari kawai za a yi. Ita ta riƙe maus ɗin, shi yana nuna mata da baki. Da Alhajin ya fita ta tambaye shi ko dattijon ba zai ji haushi ba in ya gani. Markus ya ce mai hoto shi ke faɗin wane ne mutum wane ne bango, su nasu aiki ne.

Ciwon ya same shi shekara biyu kafin auren, da rana tsaka, yana ɗaukar hoton 'yan makaranta. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, amma ƙafar sai ja, hannun ya lanƙwashe ya manne a ciki, baki ya karkace, idon hagu ya zubo. Yawu yakan tsere masa ba ya ji, shi ya sa hankici. Maganarsa ta yi nauyi, mutane kuma, kamar yadda suka saba, suka ɗauka tunda harshe ya yi nauyi kai ma ya yi. Aka fara yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, ana tambayar Miriam a gabansa ko ya ci abinci. Kyamara dai ta gagare shi. Hannun dama kuwa lafiyarsa ƙalau, ido kuma in ya sa tabarau yana ganin abin da samari ba sa gani, don haka ya ci gaba da gyaran hotunan wasu.

Miriam a lokacin ta yi gaba. Tana gyara wa manyan masu ɗaukar biki hoto daga gida, da laftof ɗinta, da sababbin manhajojin da suke zana taswirar nisa da kansu cikin daƙiƙa. A wajen wani biki ta haɗu da Jonathan, ɗan wani tsohon darakta mutumin Filato, masu gida mai bene da falo biyu. Mutanen kirki ne iyakar gani. Sun zo gaisuwa Darmanawa suka zauna kan kujerun roba ba su yatsina fuska ba, uban har ya riƙe hannun Markus mai lafiya ya kira shi suruki.

Markus ya ce kyautarsa ga amarya da ango ita ce babban firem na falo, shi zai wanke, shi zai sa a ɗaure. Ya sa aka ɗinka masa kwat mai ruwan toka. Sati uku yana gwada tsayuwa ba sanda a tsakar gida, yana ƙirgawa, har ya kai minti biyu. Yana gwada rufe baki a gaban madubi. Ya gano in ya ɗan juya kai hagu, ɓarin da ya lalace yana ɓuya, wannan kuwa dabarar da ya shekara talatin yana koya wa masu tabo a fuska ce. Ranar auren ya kai ta gaban fasto da ƙafarsa, yana ja, majami'a ta yi tsit ana jiransa. Bai damu ba. Da aka fito harabar majami'a, Sadiq, matashin da aka ɗauko ɗaukar hoto, mai lens ɗin da Markus ya yi ta mafarki, ya jera su: iyayen ango a gefen ango, Markus a gefen amarya, kafaɗarsa tana gogar mayafinta. Can baya 'yan zumuntar mata suna ta rawa da anko. Markus ya miƙa sandarsa ga wani, ya juya kai hagu, ya ji ƙarar kyamara sau uku. A ransa ya ce wa Ladi an yi.

Kwana tara bayan biki Miriam ta biyo shago da safe, ango yana jiranta a mota. Ta ajiye filas, ɗan abin nan na adana hotuna da ake soka wa kwamfuta, a kan tebur, ta ɗaga murya yadda kowa yake yi masa yanzu.

"Baba, ga na firem ɗin. Na riga na gyara, wankewa kawai za a yi. Kada ka wahalar da kanka."

Ta fita. Ya sa tabarau, ya buɗe.

Amarya ta fito kamar ka taɓa ta. Ango tar, uwarsa tar har ana ƙirga duwatsun sarƙarta, ubansa tar. A gefen amarya kuwa akwai wani abu mai ruwan toka, dogo, mai siffar mutum, ba ido ba baki, ya narke ya haɗe da 'yan zumuntar mata. Markus ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara zuwa ransa, don uba ne, shi ne ya nema mata mafita. Wataƙila ya ja baya bai sani ba. Wataƙila Sadiq ya buɗe lens ɗin da yawa, irin gangancin yaran yanzu. Da wani uban ne, da nan zancen ya tsaya, ya yi baƙin cikinsa na kwana biyu ya zagi mai kyamara. Markus kuwa ya ja hoton ya faɗaɗa ƙasa.

Takalminsa yana kan layin tayil ɗaya da gefen rigar amarya. Tayil ɗin tar yake, har ana ganin tsagar siminti da wata fulawa da aka taka. Takalmin ma tar yake zuwa idon sawu, daga nan sama sai hayaƙi. Babu lens ɗin da aka taɓa ƙerawa da zai kama ƙafar mutum ya saki kansa alhali yana tsaye a miƙe. Uban ango, wanda ya fi shi ja baya da rabin taki, ko gashin girarsa bai dusashe ba. A kafaɗar kwat ɗin kuma, inda mayafi ya goga, farin ya yi naso ya shiga tokar da faɗin yatsa.

Garin sauri Miriam ba ta ma haɗe leyoyin ba, fayil ɗin aikin ta ba shi yadda yake. Ya buɗe taswirar nisan. Manhajar ta yi aikinta da gaskiya, ta ba shi baƙi daidai da na amarya, don kusa da ita ta same shi. A kan wannan aka ɗora wata leya, aka bi jikinsa da farin burushi mai faɗi. Ya ƙirga shafar. Uku ne, ɗaya daga kai zuwa ƙirji, biyu zuwa idon sawu, ko gefe ba a bi ba. Ya san aikin 'yarsa, ya san tana iya ɓata awa guda a kan gashin idon amaryar da ba ta sani ba. Shi bai ci mata minti ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya kashe leyar. Sai ga shi ya fito. Kwat ɗin ta zauna, kan ya juya hagu yadda ya shirya, amma a daidai lokacin murna ta ci ƙarfinsa ya yi murmushi, murmushin kuwa ɓarin dama kaɗai ya tafi. Bakin ya ja sama gefe ɗaya, ido ɗaya ya rufe, ga zaren yawu yana sheƙi daga leɓe zuwa kwala. Yawun aikin daƙiƙa goma ne a goge shi. Bakin ma, da an so, ana iya ɗan daidaita shi, shi da kansa ya yi wa mutane fiye da haka. Wannan ne hotonsa na farko da 'yarsa, ya zauna yana kallonsa har aka kira azahar a masallacin layin.

Ya aika mata saƙo ta zo. Ta zo washegari da la'asar, ita kaɗai. Ya juya mata allon kwamfutar, hoton a faɗaɗe kan takalmi.

"Lens ɗin Sadiq ne, Baba," in ji ta da ƙarfi. "Ka ɗan tsaya baya ne. Ka san irin lens ɗin nan."

"Rage murya. Ina ji." Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, amma sun fita. Ya kunna leyar farin, ya kashe, ya kunna, ya kashe. Mutumin da ke cikin hoton yana ɓacewa yana dawowa.

Ta jawo bencin nan nata na da ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Surukarki ce ta ce a yi?"

Ƙofa ya buɗe mata, kuma ta san ƙofa ce. Da ta ce e, da ya karɓa hannu biyu, ya tsani matar har ya mutu, su biyun su zauna lafiya.

"A'a."

"Jonathan?"

"Bai ma gani ba tukuna. Ba wanda ya sa ni, Baba. Ni ce."

Ya goge baki da hankici. Ta ci gaba, muryarta a kwance, ba kuka ba faɗa, kamar mai bayanin aiki ga kwastoma.

"A falo za a rataya shi. Duk wanda ya shigo nan idonsa zai fara sauka, kuma ba ni zai kalla ba, kai zai kalla. Sai a ce ayya, me ya same shi, ni kuma in fara bayani. Shekara biyu ina wannan bayanin, a asibiti, a coci, a wajen aiki. A majami'a ma ranar, minti nawa muka yi kafin mu isa gaba? Kowa kai yake kallo. Ina so in samu abu ɗaya da ba sai na yi bayani ba."

"Da kin goge yawun."

"Ba yawun ba ne."

Ya kalle ta. Ta kalli rular da har yanzu take gefen kibod, ta kawar da kai.

"Kai ka ce mai hoto shi ke faɗa," in ji ta. "Hotona ne. In kana son na asalin ka wanke ka rataya a ɗakinka, ban hana ka ba. Amma wanda zai shiga gidana wannan ne."

Ta tashi ta gyara gyale, ta tambaye shi ko ya sha maganinsa na rana. Ya ce ya sha. Ta tafi, ƙofar ta tsaya a buɗe don ba ta tallafo ta ba.

Yanzu fa komai yana hannunsa. Danna maɓalli ɗaya ne ya goge leyar, ya wanke na gaskiya, ya ɗaure a firem ya aika, ta san yadda za ta yi da shi a gaban surukai. Na san mutane da yawa da za su yi haka, kuma ba zan ga laifinsu ba. Yana iya kuma wanke nata yadda ta kawo. To, a nan ne ya tsaya. Firem ɗin zai hau bango, Sadiq zai gani, duk mai hoton da ya shiga gidan zai gani, kai, ko dattijon ikilisiya mai ido zai ga takalmi tsaye ba mutum. Za a san da hannu aka yi, za a san hannun wa. Kafin wata ya ƙare zance ya zaga daga Unguwa Uku har Zonkwa cewa 'yar Markus ta shafe ubanta a hoton aurenta. Ita za a zaga, a gidan da ta shiga kwana goma da suka wuce. Ban da wannan, kuma ba zan ɓoye masa ba, akwai girman kai na sana'a: aikin banza ba zai fita daga shagonsa ba, ko da kuwa shi aka yi wa.

Na asalin ma bai wanke wa kansa ba. Ya gane ba hoton da yake ciki yake so ba, wanda take so ya kasance a ciki yake so, wannan kuwa babu shi a filas ɗin.

Da safe ya buɗe shago ya ce wa masu kawo aiki su dawo jibi. Ya san matsalar: mutumin da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da amarya ba zai dusashe ba sai in da gaske nesa yake, don haka sai a kai shi nesa. Ya yanke amarya da ango da iyayen ango, ya bi mayafin zare-zare yadda ko ɗigon toka bai rage a jikinsa ba. Ya yanke kansa. Ya cike wurin da ya tsaya da tayil da bangon majami'a, ya haɗa layukan siminti su tafi daidai, ya share inuwarsa. Sannan ya ɗauki mutumin mai kwat ya rage masa girma, don na nesa ƙarami ne, ya ɗaga shi sama cikin hoton har ƙafarsa ta sauka a layin da 'yan zumuntar mata suke, ya gwada tsayinsa da na wani mai ɗaukar kujeru da ke wurin. Ya zana masa sabuwar inuwa ta faɗi inda tasu ta faɗi. Ya goge farin Miriam, ya ja giradiyen daga gefen rigar amarya zuwa ƙofar majami'a, ya ɗebi tokar da ke ƙarƙashin sababbin takalmansa ya shafe jikinsa da ita daga sama har ƙasa. Ya sa kwamfuta ta dusashe, ya mayar da yashi-yashi. Da hannu ɗaya aikin ya ci masa yini biyu. Da ya gama, akwai wani baƙo mai kwat can baya cikin mata, irin wanda ake samu a kowane biki, yana kallon wajen amarya.

Sadiq ne ya kai fayil ɗin wajen wankin hoto don Markus ba ya iya hawa bene. Ya dawo da firem ɗin a bayan adaidaita, ya jingine shi a bango, ya ja baya yana kallo.

"Baba Markus, wallahi ban ma tuna na ɗauki wannan ba," in ji shi. "Ka ga lens ɗin nan? Shi ya sa nake ce wa mutane na kwamfuta daban, na gaske daban."

Markus ya ce haka ne.

Miriam ta zo ɗauka ranar Asabar. Ta cire takardar da aka naɗe shi, ta tsaya. Ta gane nan take. Ya ga idonta ya sauka ƙasa wajen tayil, ya hau gefen mayafi, ya bi inuwa, ya je can baya ya samu mai kwat ɗin, ya dawo. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin, tana neman inda za ta kama aikin, yadda ya koya mata. Markus yana zaune yana kallon bayanta. Wauta ce, amma yana jira. Yana ganin in ta ga abin da ya yi wa kansa saboda ita, wani abu zai karye a cikinta, ta ce a'a Baba, a mayar.

"Babu ko naso," in ji ta a hankali. "Ni ban isa in yi wannan ba."

Ta juyo, idonta ya ɗan yi ja. Ta buɗe jaka ta daɗe tana lalube, ya ɗauka hankici take nema. Wani filas ta fito da shi.

"Baba, na albam ɗin ma akwai guda huɗu da kake ciki. Da na shiga coci, da na yanka kek. Jonathan yana so a kai wa mamansa kafin su koma Jos ranar Laraba."

Markus ya goge bakinsa. Ya matsar da maus gefe don a samu wuri a kan tebur.

"Ajiye a nan," in ji shi. "Na shiga cocin zai yi wuya, kina riƙe da hannuna. Ki dawo Talata."